Yadda ake zaɓar Akuzatif ko Datif bayan kalmomi tara masu fuska biyu a Jamusanci

Akwai ƙa'idar da kusan kowane mai koyon Jamusanci yake haddacewa tun a watanninsa na farko: idan da motsi a sa Akuzatif, idan babu motsi a sa Datif. Ni ma da ita na fara, kuma ita ce ta kayar da ni a wata jarrabawar gwaji, inda na rubuta *Ich jogge in den Park* ina nufin ina sassarfa a cikin lambun shaƙatawa kowace safiya. Malamarmu ta ja layi da jan biro, ta rubuta a gefe cewa ashe kullum a bakin ƙofa nake ƙarewa. Abin da na rubuta yana nufin na sheƙo daga waje na shiga lambun. Motsi kam akwai shi, tunda gudu nake, amma duk da haka Datif ne daidai: *Ich jogge im Park*.

Wato ƙa'idar ba ƙarya ba ce, gajeruwa ce. Abin da Bajamushe yake aunawa ba motsin jiki ba ne. Yana auna ko abin da ake magana a kai ya sauya matsayi dangane da wurin da aka ambata, ko kuwa yana nan inda yake. Wannan jagora zai bi da kai mataki mataki, kuma za ka ga cewa Hausa ta riga ta ba ka rabin makamin, sai dai akwai wuri guda da take yaudarar mu.

Littattafan Jamusanci suna rubuta sunayen biyu *Akkusativ* da *Dativ*. Ni zan rubuta su yadda muke furtawa, Akuzatif da Datif. Sigogi biyu ne da *der, die, das* suke ɗauka a gaban suna, misali *der* yana komawa *den* a Akuzatif, *dem* a Datif. *Im* da za ka riƙa gani gajartawar *in dem* ce, *ins* kuma ta *in das*.

Mataki na farko: tabbatar kalmar tana cikin taran nan

Kalmomin da ke iya ɗaukar fuska biyu tara ne kacal, Jamusawa suna kiran su *Wechselpräpositionen*, wato masu sauyawa. Ga su: *an* (a jikin abu ko a bakinsa), *auf* (a kan abu), *hinter* (bayan), *in* (cikin), *neben* (gefen), *über* (sama da abu ba tare da taɓa shi ba, ko tsallake shi), *unter* (ƙarƙashin), *vor* (gaban), da *zwischen* (tsakanin).

Kada ka raina wannan mataki. Idan kalmar ba ta cikin taran nan, duk maganar motsi da zama ba ta shafe ta ba. *Zu* da *nach* da *aus* da *von* Datif suke ɗauka har abada, ko da gudun ceton rai kake yi: *Ich gehe zum Arzt*, za ni wurin likita, *Sie fährt zur Arbeit*, za ta wurin aiki. Haka *durch* Akuzatif yake ɗauka kullum. Na ga ɗalibai da yawa sun rubuta *zu den Arzt* saboda sun ce ai tafiya ake yi. Sun yi amfani da ƙa'ida mai kyau a gonar da ba tata ba.

Wani ɗan bayani a kan *an* da *auf*, domin mu Hausawa muna da bambancin a bakinmu. Hoto yana *jikin* bango, kwano yana *kan* tebur. Na farko *an* ne, na biyu *auf*. Wanda ya zauna a bakin tebur zai ci abinci, *am Tisch* yake. Idan ka ce *auf dem Tisch*, ka ɗora shi a kan teburin ne kamar tulu.

Mataki na biyu: duba ko maganar wuri ake yi

Taran nan ba wuri kaɗai suke nunawa ba. Suna shiga maganar lokaci, kuma suna manne wa wasu aikatau a matsayin abokan tafiya na dindindin. A waɗannan wurare biyu gwajin motsi ba ya aiki, don haka ka ware su tun da wuri.

A lokaci, *an* da *in* da *vor* da *zwischen* Datif suke ɗauka: *am Montag* ranar Litinin, *im Mai* a watan Mayu, *vor einer Woche* mako guda da ya wuce, *in einer Stunde* nan da awa ɗaya. *Über* kuwa Akuzatif: *übers Wochenende*, tsawon ƙarshen mako.

Masu manne wa aikatau sai hadda. *Warten auf* jiran wani, Akuzatif. *Denken an* tuna wani, Akuzatif. *Sprechen über* magana a kan abu, Akuzatif. *Angst haben vor* jin tsoron abu, Datif. *Teilnehmen an* halartar abu, Datif. Abin da zai rage maka wahala shi ne, a irin wannan amfani *über* kusan kullum Akuzatif ne, *auf* mafi yawanci Akuzatif, *vor* kuma Datif. *An* ne mai rikici, shi sai ka haddace shi tare da aikataunsa. Ka lura da wannan tagwayen: *Ich warte auf den Bus* ina jiran bas, amma *Ich warte auf dem Bahnsteig* ina jira a kan dandamalin jirgin ƙasa. Aikatau ɗaya, kalma ɗaya, na farko ba wuri ba ne, na biyu wuri ne.

Mataki na uku: yi tambayar da ta dace

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan daɗe a nan.

Jamusanci yana da kalmomin tambaya biyu inda mu muke da ɗaya. Mu *ina* muke cewa, ko a "Ina kake?" ko a "Ina za ka?". Su na farko *wo* ne, na biyu *wohin*. Amsar *wo* Datif ce, amsar *wohin* Akuzatif. Saboda *ina* ɗinmu guda ce, bai ishe ka ka tambayi kanka "ina?" ba, dole ka ƙarasa tambayar: a ina abin yake faruwa, ko kuwa ina abin ya nufa?

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta hoto biyu. Ka ɗauki hoton farkon aikin a zuciyarka, ka ɗauki na ƙarshensa, sannan ka dubi sunan da ya biyo bayan kalmar. Idan a hoton farko abin ba ya wurin, a na ƙarshe kuma yana wurin, an ƙetare iyaka ke nan, Akuzatif. Idan a duka hotunan yana wurin, Datif, komai tsalle-tsallen da ya yi a tsakani.

Gwada da yaro da ruwa. *Das Kind fällt ins Wasser*: a hoton farko yana bakin gaɓa, a na biyu yana cikin ruwa. Akuzatif. *Das Kind fällt im Wasser*: tun farko yana cikin ruwan yana wasa, santsi ya kwashe shi. Datif. Yanzu ka saurari Hausarka. A na farko cewa muke yi yaro ya *faɗa* ruwa. A na biyu, yaro ya *faɗi a* cikin ruwa. Babu Bahaushen da zai rikita "ya faɗa rijiya" da "ya faɗi a kasuwa". Bambancin da muke sawa a ƙarshen aikatau da kuma ɗan harafin *a*, shi Bajamushe yake sawa a kan *den* da *dem*. Haka "ya shiga ɗaki" da "yana yawo a ɗaki": *Er geht ins Zimmer*, da *Er geht im Zimmer auf und ab*.

Gwajin hoto biyu shi ke warware jimlolin da ƙa'idar motsi take kasawa. Ɗauki *Der Hund läuft hinter dem Auto her*, kare yana bin bayan mota. Kare na gudu, mota na gudu, amma a farko yana bayanta, a ƙarshe yana bayanta. Matsayinsa dangane da motar bai sauya ba, don haka Datif. Idan kuwa motar tana tsaye, karen ya taso daga wani wuri ya ruga bayanta, sai a ce *Der Hund läuft hinter das Auto*. Haka *Sie geht neben mir*, tana tafiya a gefena, Datif, ko da mun yi tafiyar kilomita biyar tare. Amma *Sie setzt sich neben mich*, ta zo ta zauna kusa da ni, Akuzatif.

*Über* yana da ɗan halinsa. Idan tsallakewa ne daga wannan gefe zuwa wancan, Akuzatif: *Wir gehen über die Straße*, muna tsallaka titi, *Das Flugzeug fliegt über die Stadt*, jirgi ya ratsa ta saman gari ya wuce. Idan kuwa jirgin yana shawagi a sama yana jiran izinin sauka, *Das Flugzeug kreist über der Stadt*, Datif.

Akwai kuma akasin haka, inda jikinka bai gusa ko taku ɗaya ba amma ana sa Akuzatif, domin wani abu daga gare ka ya nufi wurin. Kallo yana tafiya: *Ich schaue in den Spiegel*, ina duba madubi. Rubutu yana sauka a kan abu: *Der Lehrer schreibt das Wort an die Tafel*, malam ya rubuta kalmar a allo. Daga baya idan kana nuna wa wani, *Das Wort steht an der Tafel*, kalmar tana jikin allo. Wannan misali na allo shi ya kawo mu wurin da Hausa take yi mana ƙafar ungulu.

Mataki na huɗu: yi hattara da *a* na ajiyewa

Na ce ɗan harafin *a* yana yawan nuna Datif. Gaskiya ne a aikatau na tafiya da faɗuwa. Amma a aikatau na ajiye abu, mu muna cewa "na ajiye littafi *a* kan tebur", "na rataya riga *a* jikin ƙofa", "na rubuta *a* allo". Kunnenmu yana jin *a*, hannunmu ya rubuta *dem*. Bajamushe kuwa yana kallon littafin ne yana barin hannunka yana sauka kan tebur: a hoton farko ba ya kan tebur, a na biyu yana kai. Akuzatif ke nan. *Ich lege das Buch auf den Tisch.* A ganina wannan ne kuskure mafi yawa a rubutun Hausawa masu koyon harshen, kuma ba rashin ƙoƙari ne ya jawo shi ba, harshen uwa ne yake magana a ƙarƙashi.

Maganinsa ma a Hausa yake. Jamusanci yana da aikatau tagwaye, ɗaya na aikata abin, ɗaya na halin da abin ya kasance bayan an gama. Mu ma muna da su ƙwarai:

*stellen* tsayar da abu, *stehen* kasancewa a tsaye
*legen* kwantar da abu, *liegen* kasancewa a kwance
*setzen* zaunar da wani, *sitzen* kasancewa a zaune
*hängen* rataya abu, *hängen* kasancewa a rataye

Na hagu Akuzatif, na dama Datif. Idan a Hausa za ka iya cewa "yana tsaye, yana kwance, yana zaune, yana rataye", Datif ne. Idan kuwa wani ne ya tsayar, ya kwantar, ya zaunar, ya rataya, Akuzatif ne, ka manta da *a* ɗin da ke cikin jimlarka ta Hausa.

Bajamushe ba ya son kalma ɗaya mai ɗaukar komai irin "ajiye" tamu. Sai ya faɗi yadda abin ya zauna. Kwalba da kofi da fitila tsayar da su ake yi, har faranti ma, domin yana da gindin da yake zama a kai: *Ich stelle die Flasche auf den Tisch*, sannan *Die Flasche steht auf dem Tisch*. Cokali da takarda da darduma kwantar da su ake yi: *Ich lege den Teppich vor das Bett*, sannan *Der Teppich liegt vor dem Bett*. Littafi yana iya zama ko wanne: a kan kanta tsakanin 'yan uwansa *steht* yake, a shimfiɗe kan tebur *liegt*.

Akwai alama ta biyu da za ta taimake ka ka gane tagwayen a shuɗaɗɗen lokaci. Na aikatawa ba sa sauya wasalinsu: *gestellt, gelegt, gesetzt, gehängt*. Na kasancewa suna sauyawa: *gestanden, gelegen, gesessen, gehangen*. Wannan yana da amfani musamman ga *hängen*, wanda a lokacin yanzu fuskarsa ɗaya ce. *Ich habe das Bild an die Wand gehängt*, na rataya hoton. *Das Bild hat an der Wand gehangen*, hoton ya kasance a rataye. Akwai kuma *stecken*, soka abu ko kasancewa a soke, shi ma kalma ɗaya ce mai aiki biyu: *Ich stecke den Schlüssel ins Schloss*, *Der Schlüssel steckt im Schloss*.

Wani tarko a nan: kada shuɗewar lokaci ta ruɗe ka. Ɗalibi yakan ce, ai na ajiye littafin tun jiya, yanzu yana zaune lafiya a kan tebur, me zai sa in sa Akuzatif? Domin aikataun da ka zaɓa na ajiyewa ne. *Ich habe das Buch gestern auf den Tisch gelegt.* Ko shekara goma ta wuce, *legen* bai daina nuna sauya wuri ba.

Mataki na biyar: sa ƙarshen da ya dace

Bayan ka yanke hukunci, saura aikin hannu. Sai ka san jinsin sunan, kuma a nan babu dabara, wanda bai haddace suna tare da *der, die, das* ɗinsa ba zai yi ta harbi a duhu.

Namiji: Akuzatif *den*, Datif *dem*. Tamata: Akuzatif *die*, Datif *der*. Jinsi na uku, wato na *das*: Akuzatif *das*, Datif *dem*. Jam'i: Akuzatif *die*, Datif *den*, sannan a ƙara *n* a ƙarshen sunan idan bai riga ya ƙare da *n* ko *s* ba. Don haka *die Stühle* ya koma *zwischen den Stühlen*, amma *die Autos* ya tsaya *zwischen den Autos*. *Ein* da *mein* da *kein* suna bin sawu ɗaya: *einen* da *einem* ga namiji, *eine* da *einer* ga tamata, *ein* da *einem* ga na uku.

Biyu daga cikin waɗannan suna sanye da rigar wasu. *Der* a cikin *an der Wand* ba na namiji ba ne, Datif ne na tamata, domin bango *die Wand* ne. *Den* kuma yana iya zama Akuzatif na namiji tilo ko Datif na jam'i: *in den Garten* shiga lambu ne, *in den Gärten* kasancewa a cikin lambuna. Idan ka ga *den*, dubi ƙarshen sunan kafin ka yanke.

Sannan akwai gajartawa, kuma ita ce maganar yau da kullum: *in das* ya koma *ins*, *in dem* ya koma *im*, *an das* ya koma *ans*, *an dem* ya koma *am*, *auf das* ya koma *aufs*. Ka riƙe wannan a kunne: mai ƙarewa da *s* tafiya ce, mai ƙarewa da *m* zama ne. *Ins Bett gehen*, tafiya kwanciya. *Im Bett liegen*, kwance a gado. Ana barin cikakkiyar siga ne idan ana nuna wani takamaiman abu, kamar *in dem Haus, das ich meine*, a cikin gidan nan da nake nufi.

Sunayen ƙasashe suna bin wannan tsari idan ƙasar tana da *der* ko *die* a gabanta. *Ich fliege in die Schweiz*, za ni Suwizalan. *Ich wohne in der Schweiz*, can nake zaune. Cadi da Sudan duka namiji ne a Jamusanci, don haka ɗan Anjamena zai ce *Ich fliege in den Tschad* idan za shi gida, *Meine Familie wohnt im Tschad* idan yana faɗin inda danginsa suke. Haka *in den Sudan* da *im Sudan*. Nijeriya da Gana da Kamaru da Jamus kanta ba su da wannan, sai a ce *nach Nigeria* a tafiya, *in Nigeria* a zama. Gida ma yana da tasa siga da ba ta bin taran: *nach Hause* tafiya gida, *zu Hause* zama a gida.

Mataki na shida: aikataun da ke kallon ƙarshen tafiya kawai

Akwai wasu 'yan aikatau da gwajin hoto biyu zai ce maka Akuzatif, amma Jamusawa Datif suke sawa. Babbansu *ankommen*, isowa. *Der Zug kommt im Bahnhof an*, *Ich bin gestern in der Stadt angekommen*. Dalili shi ne aikataun ba ya ba da labarin hanya, lokacin sauka kaɗai yake nunawa, kuma sauka a wuri take faruwa. Tambayarsa *wo* ce. Haka *landen* saukar jirgi, *auf dem Flughafen landen*. Da *parken* ajiye mota, *vor dem Haus parken*. Da *befestigen* ɗaure abu a jikin wani, *an der Wand befestigen*. *Sich verstecken*, ɓuya, shi ma yawanci Datif: *Das Kind versteckt sich hinter der Tür*. Mu ma muna cewa "ya sauka *a* Kano", "ya ɓuya *a* bayan ƙofa", don haka a nan kunnenka na Hausa abokinka ne.

*Einsteigen* kuwa, shiga mota ko jirgi, Akuzatif ne kamar yadda ake zato: *in den Bus einsteigen*. Akwai kuma 'yan wurare da duka biyun suke karɓuwa, kamar ƙwanƙwasa ƙofa, inda za ka ji *an die Tür klopfen* ka kuma ji *an der Tür klopfen*. Kada ka ɓata lokaci a kan irin waɗannan kana matakin farko.

Mu gwada da saƙo guda

A ce kana zaune a gidan ɗalibai a Jamus, za ka fita, kana son barin wa abokin zamanka saƙo. Ga abin da ke ranka da Hausa: Na sa makulli a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Abinci yana cikin firij. Don Allah ka ɗora tukunyar a kan murhu. Ni za ni laburare. Ƙanena zai iso tasha da ƙarfe takwas. Ka jira shi a gaban gida. Kekenka yana tsakanin bishiyoyi.

Jimla ta farko. Kalmar ita ce *unter*, tana cikin taran, kuma maganar wuri ce. Hausa ta ce "a ƙarƙashin", kunne yana jan ka zuwa Datif. Tsaya. Wa ya yi aikin? Kai ka kwantar da makullin, *legen* ke nan. A hoton farko yana hannunka, a na biyu yana ƙarƙashin tabarma. Akuzatif. Sunan *die Fußmatte* ne, tamata, Akuzatif ɗinta *die*. *Ich habe den Schlüssel unter die Fußmatte gelegt.* Da ka zaɓi faɗin inda yake yanzu, sai jimlar ta juye gaba ɗaya: *Der Schlüssel liegt unter der Fußmatte.* Duka biyun daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa aikataun wannan da ƙarshen wancan.

Ta biyu mai sauƙi ce. Abincin yana zaune abinsa, tukunya tana tsaye a kan gindinta, *stehen*. *Der Kühlschrank* namiji, Datif *dem*, a gajarce *im*. *Das Essen steht im Kühlschrank.*

Ta uku umarni ne na sauya wa tukunya wuri. *Stellen*, da *auf*, da *der Herd*. *Stell den Topf bitte auf den Herd.* Ka ga *den* sau biyu, kuma dalilansu daban ne: na farko domin tukunya ce karɓau, na biyu domin can ta nufa. Wasu sukan ji nauyin maimaitawar su mayar da na biyu *dem* don jimlar ta yi daɗi. Kada ka yi.

Ta huɗu: za ka shiga cikin ginin, *in* da *die Bibliothek*, Akuzatif. *Ich gehe in die Bibliothek.* Da ka ɗauki *zu*, sai mataki na farko ya tare ka, ka ce *zur Bibliothek*, Datif, duk da tafiyar ɗaya ce. Bambancin ma'ana kaɗan ne: *in die* yana cewa za ka shiga ciki, *zur* yana cewa can ka dosa.

Ta biyar ita ce ta *ankommen*. Ƙanenka ya sha tafiya, amma aikataun saukarsa kawai yake gani. *Mein Bruder kommt um acht am Bahnhof an.*

Ta shida tana ɗauke da biyu daga cikin taran a jimla ɗaya, kowanne da hukuncinsa. Gaban gida wuri ne da za a tsaya ana jira, *vor* da Datif, *das Haus* ya koma *dem Haus*. Jiran mutum kuwa *warten auf* ne, abokin tafiyar aikatau, Akuzatif ba tare da wani gwaji ba, don haka *er* ya koma *ihn*. *Warte bitte vor dem Haus auf ihn.* Idan ka rubuta *auf ihm*, ka ce wa abokinka ya hau kan ƙanenka ya yi jira a can.

Ta bakwai: keke yana tsaye, Datif, jam'i. *Der Baum*, jam'insa *die Bäume*, Datif *den Bäumen* da ƙarin *n*. *Dein Fahrrad steht zwischen den Bäumen.* Idan sunaye biyu ne daban, kowanne ya ɗauki nasa: *zwischen dem Baum und der Mauer*.

Yadda za ka sa abin ya zauna a baki

A rubuce kana da lokacin bin matakai shida. A magana ba ka da shi, kuma a nan ne mutane suke koyon wata muguwar ɗabi'a, su haɗiye ƙarshen kalmar ta yadda ba a gane *den* suka ce ko *dem*. A kasuwa za ka tsira da haka. A jarrabawar baka mai jarrabawa yana jin sa sarai, kuma a tamata babu wurin ɓuya, domin *die* da *der* ba sa kama da juna.

Atisayen da ya yi mini aiki ba ya bukatar littafi. Ka ɗauki abu guda a ɗakinka, a ce cokali, *der Löffel*. Ka motsa shi kana faɗi da ƙarfi, sannan ka sake shi ka faɗi inda yake. *Ich lege den Löffel auf den Tisch. Der Löffel liegt auf dem Tisch. Ich lege ihn unter das Buch. Er liegt unter dem Buch. Ich lege ihn neben die Tasse. Er liegt neben der Tasse.* Ka tabbata a kowane zagaye ka taɓa suna namiji ɗaya, tamata ɗaya, na uku ɗaya, da jam'i ɗaya. Muddin hannunka yana kan cokalin, Akuzatif. Da ka ɗauke hannu, Datif. Minti biyar a rana ya isa. Bayan kwana biyu ka canza cokalin da kwalba domin *stellen* da *stehen* su shigo, daga nan riga da ƙusar bango domin *hängen*, a ƙarshe kai kanka da kujera: *Ich setze mich auf den Stuhl, ich sitze auf dem Stuhl*. Idan kujerar mai hannuwa ce da mutum ke nutsewa a ciki, *der Sessel*, to *in* za ka ɗauka ba *auf* ba: *Ich setze mich in den Sessel, ich sitze im Sessel*.